Muryar Mai Labule

Shekara tara tana sayar da labule da zanen gado, kuma a cikin masu sayen kayanta babu ko mutum goma da suka taɓa ganin fuskarta. Shagonta ɗaki ne ɗaya a bayan gida, mai taga guda da kanta uku na jera kaya, sai wani farin tebur da take shimfiɗa kaya a kai in za ta ɗauki hoto. Hannunta kaɗai ke fitowa a hoton, yana ɗaga gefen yadi. Sauran aikin duk muryarta ke yi.

Mai Labule ake ce mata, a gida da waje. Mijinta, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran injin ruwa, yakan tsokane ta da cewa shi mace ɗaya ya aura amma ƙasa huɗu ke kwana a wayarta. Gaskiya ya faɗa. Guruf huɗu gare ta a WhatsApp, kowace ƙasa da nata, saboda kuɗinsu ba iri ɗaya ba ne, kuma motar da ke kai kaya nan ba ita ke kaiwa can ba. Ta kulle su yadda ita kaɗai ke iya magana, don ta ga yadda guruf ɗin wasu ke komawa wurin gaisuwa da tallan maganin ƙiba. Mai son kaya sai ta bi ta gefe, ta tura mata saƙo ita kaɗai.

Da yawa daga cikin matan ba sa karanta rubutu, wasu kuma ba da harshe ɗaya suka yi makaranta ba, amma kowa na jin Hausa. Shi ya sa kowace safiya, bayan ta share shago, takan tura hoto uku, ta bi su da saƙon murya wanda bai kai minti ɗaya ba. Ta ce duk saƙon da ya wuce minti ɗaya wa'azi ne, ba talla ba. Murya ce mai kauri da dariya a cikinta. Takan ce, "'Yan uwa, wannan labulen in kika rataya shi, ko surukarki sai ta rasa abin kushewa." Takan murza yadin kusa da waya don a ji ƙarar kaurinsa. In kaya na zuba a wanki, ta faɗa. Mata na sauraronta suna wanke-wanke, wasu ma ba don za su saya ba.

A shekara ta biyar ɓarayin waya suka addabi 'yan kasuwa. Su kira mutum da wata dabara, su karɓi lambobin sirrin da aka turo masa, su ɗauke WhatsApp ɗinsa, su shiga rubuta wa abokan cinikinsa a tura kuɗi. Mai Labule ta kafa doka, tana maimaita ta duk wata a guruf huɗun: "Duk wadda ta ga rubutu da sunana ba ta ji muryata ba, ba ni ba ce. Ko an rantse miki, kada ki yarda." Matan suka haddace. Ta yi alfahari da wannan doka, kuma ta cancanta, don ba a taɓa cutar ko mutum ɗaya da sunanta ba.

Wadda ta fi kowa riƙe dokar ita ce Maman Biyu, mai sayen farko da ta samu a ƙetare. Ita ke karɓar kaya a tasha a can ƙasarsu ta raba wa sauran. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma Yaya take ce mata. Da 'yan biyunta suka yi ƙyanda, Mai Labule ta fi sati tana tura mata saƙon ban haƙuri safe da yamma.

Sai maƙoƙo ya fito mata a wuya. Ta ɓoye shi da mayafi har ya fara hana ta haɗiya, likita ya ce sai an yi aiki. A nan ta yi kuskuren da har yau take cizon yatsa a kai. Mijinta ya ce ta gaya wa mutanenta, ta ƙi.

"In ka ce ba ka da lafiya, addu'a za su yi maka su je su saya a wani wuri," in ji ta. Ta tura saƙo cewa za ta ɗan yi tafiya ta sati biyu.

Aikin ya yi kyau, in ji likita. Sai dai jijiyar murya ta taɓu, abin da kan faru wani lokaci. Wataƙila ta dawo cikin watanni, wataƙila ba za ta dawo yadda take ba. Abin da ke fita daga bakinta yanzu wani shaƙaƙƙen sauti ne mai iska a ciki, kamar ana jan buhu a siminti, kuma kalma biyar ke sa ta haki.

Sati biyu ya zama biyar. Sabon kaya ya iso yana jibge a shago. Ta kasa haƙuri, ta ɗauki hoto, ta sa mijinta ya rubuta farashi a ƙasa. Ba wadda ta bi ta gefe. Washegari aka sake, shiru. Rana ta uku saƙon Maman Biyu ya shigo, gajere, babu gaisuwa: "In Yayata ce, ta yi magana."

Ta shiga shago ta rufe ƙofa. Sau goma sha ɗaya tana ɗaukar muryarta tana gogewa. Na sha biyun ta tura wa guruf huɗun gaba ɗaya: ita ce, an yi mata aiki a wuya, a yi haƙuri da muryar.

Kafin azahar sunaye suka fara zubewa. Wance ta fita, wance ta fita, layi bayan layi. Tana zaune a kan buhun zanen gado tana kallo, ba ta da bakin kiran kowa. Wata tsohuwar mai saye, ko don tausayi ko don ta tsorata ɓarawo, ta turo mata saƙon da ke yawo. Muryar Maman Biyu ce, cikin kuka.

"'Yan uwa, an sace lambar Yaya. Wannan ƙaton da ke shaƙe murya ba ita ba ce. Ta ce mana tafiya za ta yi, yaushe tafiya ta zama asibiti? Ku tuna abin da ta koya mana. Kowa ta kai ƙarar lambar ta toshe ta."

Suka bi umarni tsaf, kamar yadda ta tarbiyyantar da su. Bayan kwana biyu, da ƙarar ta yi yawa, ta buɗe waya ta ga an dakatar da lambarta. Mijinta ya cike wurin neman a sake dubawa, bayan kwana huɗu aka buɗe. Amma guruf huɗun da ke da mutum ɗari biyu da wani abu sun koma mutum sha bakwai, kuma rabinsu lambobin da aka daina amfani da su ne. Saƙon da ta tura wa ɗaiɗaiku ya tsaya a alama ɗaya, bai isa ba.

Ta yi duk abin da mai hankali zai yi. Ta ɗauki bidiyo da fuskarta da tabon wuyanta ta tura wa waɗanda ba su toshe ta ba, aka ce wa ya san fuskarta? Ta nuna takardar asibiti, aka ce ana buga irinta a kowane lungu. Ta tuna wa wata launin labulen da ta saya na auren ƙanwarta, matar ta ce ai wanda ya saci waya ya ga tsofaffin saƙonni. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta iya jin haushinsu. Sun yi daidai. Da ita ce a wurinsu, da ta fi su tsanani.

Wata uku tana haka. Ta koma sayar wa maƙwabta ɗaya-ɗaya, masu zuwa su tattaɓa kaya su ce za su dawo. Muryar ta ɗan murmure, ta daina haki, amma kaurin da dariyar ba su dawo ba. Wata rana direban da ke kai mata kaya ƙetare ya biyo ya gaishe ta. Shi ya san fuskarta, kuma ya sha faɗa a can cewa tana nan da ranta, sai a ce masa direba kowa ya ba shi kaya nasa ne. Yana shan ruwa ya ce, ai har yanzu yana kai labule can, sai dai yanzu Maman Biyu ke sarowa da kanta. Tun kafin ta fita daga guruf ta kwashe lambobin matan, ta roƙi na sauran ƙasashen, ta buɗe sabo, wai don a riƙe zumunci kafin a gano Yaya.

Mai Labule ta sa direban ya kira Maman Biyu da wayarsa. Ya fara magana ya ce ga shi a shagonta, ga ta a gabansa, sannan ya miƙa mata.

"Ƙanwata, ni ce."

Tana jin ƙarar leda a can, irin wadda ake naɗe zanen gado a ciki.

"Na sani, Yaya," in ji Maman Biyu a hankali. "Ranar farko wallahi ban gane ba. Amma da na sake sauraro bayan sati, na ji yadda kike jan kalmar nan, 'yan uwa. Na san ke ce."

"To ki faɗa musu. Minti ɗaya ya isa. Ke za su yarda da ke."

"Shi ne matsalar. Ni na ce su toshe ki. In na dawo na ce na yi kuskure, wa zai sake yarda da maganata? Kuma na riga na zuba abin da nake da shi a kaya, Yaya. Yara na makaranta."

Mai Labule ta buɗe baki. Tana da maganganu cike da ciki, na shekara tara, da za ta iya wanke matar nan tas. Maƙogwaron ya ba ta kalma uku ya tsaya, tari ya sarƙe ta.

"Ki huta, kada ki wahalar da wuyan," in ji Maman Biyu. "Kullum muna sa ki a addu'a a guruf."

Direban ya karɓi wayarsa yana kallon ƙasa. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce an ba shi saƙo tun makon jiya ya kasa faɗa. Maman Biyu ta ce in kayan da ke shago sun rasa mai saye, za ta karɓa a farashin sari.

Ta dubi kanta ukun, cike har sama. Ta dubi mijinta da ke tsaye a tsakar gida ya kasa haɗa ido da ita. Sannan ta jawo buhu ta fara ninke kayan tana zubawa a ciki.