Katin Sallah Ba Aya

Haulatu ce ke tsara katunan gaisuwa a wani shagon ɗab'i kusa da kasuwar Daura. Tana da sauƙin kai, amma ba ta sa ayar Alƙur'ani a kati, ko wa ya roƙa.

Ana jibi Babbar Sallah, Alhaji Dabo mai kamfanin abincin dabbobi ya zo yana son kati na abokan cinikinsa, da aya a sama don albarka.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji ta. "Kati kwana biyu ake ganin darajarsa, daga nan sai ƙasa."

Ya ɗan ɓata rai, ya ce ta yi yadda ta gani. Ta sa rago a tsakiya, ta ƙanƙanta tambarin kamfani ta mai da shi ƙasa. A sama ta rubuta: "Barka da Sallah. Mun gode da kuke tare da mu. A ci nama lafiya."

Bayan Sallah ta kai ziyara Zango, ta tarar da gwaggonta tana kwashe shara da katin. Haulatu ta yi murmushi, ta miƙa mata kwandon.