Dubu goma sha shidan da ta ci gonarmu

Yayana ya zo mini Ikara daga Paki da farin cikinsa, har da tsarabar rake. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin ya ci bashin banki ya sayi injin niƙa. Muka gaisa, na tambayi Inna da yara, sai ya miƙo mini wayarsa.

"Malama, duba min hoton nan da ma'aikacin banki ya turo. So nake in biya su gaba ɗaya in huta."

In ya ce mini Malama, to tsokana ce, don ni ce ƙanwar da aka bari ta yi boko. Na ce kawo, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hoton jadawalin biya ne, layi goma sha biyu, kowane wata da layinsa. Uwar kuɗi dubu ɗari shida. Duk wata ana cire dubu hamsin daga uwar, a ɗora ruwa huɗu bisa ɗari na abin da ya rage a kansa. Na bi ginshiƙin ruwan da yatsa: watan farko dubu ashirin da huɗu, na biyu ashirin da biyu, haka yake sauka da bibbiyu har ya ƙare a dubu biyu. Na tara, ya ba ni dubu ɗari da hamsin da shida.

Ya ce, "Yawwa, haka aka faɗa min. Na biya wata takwas, saura huɗu. Kin ga kashi ɗaya cikin uku ke nan, dubu hamsin da biyu ta dawo aljihuna."

Na ce, "Yaya, ai ba buhun masara ba ne da za a raba uku daidai."

Na nuna masa. Ruwan yana da nauyi ne a farko, lokacin da bashin ke da yawa. A wata takwas ɗin nan ya riga ya zuba musu dubu ɗari da talatin da shida. Abin da ya saura takwas ne, da shida, da huɗu, da biyu. Dubu ashirin cif. Can ƙasan hoton kuma ga wani siririn rubutu, sai da na buɗa shi da yatsu biyu: mai biya kafin lokaci zai ba da biyu bisa ɗari na ragowar uwar kuɗi. Ragowar dubu ɗari biyu ce, tararta dubu huɗu.

Na ce, "Abin da za ka tsira da shi dubu goma sha shida ne. Ba laifi in kana da kuɗin a ajiye. A ina ma ka samo dubu ɗari biyu?"

Ya murza hularsa, sannan ya faɗa mini.

Gonar babanmu ya jinginar. Ya ba wani mai sayen hatsi daga Makarfi, a gaban shaidu, da sharaɗin ba fansa sai bayan damina biyu. Mutumin har ya kai takin shanu ya zuba.

Wallahi na yi faɗa. Na ce gonar da ke ciyar da gidan mutum goma sha ɗaya, da Inna a ciki, ita ka bayar saboda kuɗin da bai kai na taki buhu guda ba? Injin ai yana biya, ko da ƙyar ne! Wata huɗu kacal ya rage! Me ya hana ka turo min hoton nan kafin ka kira shaidu, waya ce babu ko ni ce na mutu?

Bai rama ba. Cewa ya yi, a hankali, tunda ya ci kuɗin ruwan nan bai ƙara jin daɗin sallarsa ba, kuma ya so ya zo mini da abin a gama ne, in ce ya yi dabara sau ɗaya. Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba.

Ya ce, "Sake lissafawa, ko kin tsallake wani layi."

Na sake, a gabansa, da biro a bayan takardar jarrabawar ɗalibaina. Ban tsallake komai ba.

Ya je ya biya bankin, don kuɗin ba su da sauran inda za su. Daga nan abincin da ake ɗebowa a rumbu ya koma na awo a kasuwa, kuma daga kuɗin injin ake awon. Damina biyun sun wuce, ta uku ma ta wuce, dubu ɗari biyu ba ta taɓa haɗuwa wuri guda ba. Ni albashina ko na haɗa na wata uku ban ci komai ba, bai kai ba.

Inna ba ta sani ba har yau, idonta ya yi rauni, ba ta fita. Da na je gida bana, na bi ta gefen gonar, masara ta yi kyau har ta fi tsayina. Ina shiga Inna ta ce in faɗa wa yayana ya karyo mata ɗanya guda biyu a gonar babanmu, ta yi marmarin gasasshiya. Na faɗa masa, ya ce to, ya ɗauki babur ya tafi bakin titi ya sayo.