Kuɗin Kwanan Malam Ɗalha

Malam Ɗalha mutumin Sule Tankarkar ne, amma a Gumel ya gina gidansa, can bayan kasuwar hatsi. Mutum ne gajere mai kauri, ba ya son hayaniya, kuma ba ya cin goro sai ya fere shi da 'yar wuƙa. Shekara goma sha shida ya yi yana jan tirela a wani kamfani da ke Maigatari, wanda ke sayen riɗi da zoɓo a kasuwannin yankin yana kaiwa tashar jirgin ruwa a Legas. A duk shekarun nan bai taɓa kayar da mota ba, ba a kuma taɓa cewa buhu ya yi ƙafa a lodinsa ba. Shi ya sa in magana ta taso tsakanin direbobin kamfanin, su goma sha ɗaya, bakinsa ake kallo.

Yana da aboki, Cindo. Garinsu ɗaya, a hannun maigida ɗaya suka koyi tuƙi, tare kuma suka shiga kamfanin. Da ciwon baya ya hana Cindo doguwar tafiya, Ɗalha ne ya je ya roƙi manaja a bar shi a ofis. A hankali Cindo ya zama shugaban sufuri, shi ke raba lodi, shi ke cewa wane zai tafi wane zai jira. Ya je Makka, aka koma ce masa Alhaji Cindo. Duk da haka ranar Alhamis, in an tashi daga kasuwar Maigatari, sai ka gan su a rumfar mai balangu suna ci a takarda ɗaya.

Kuɗin direba a kamfanin kashi uku ne. Akwai albashi, naira dubu ɗari da hamsin a wata, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Akwai ladan lodi, dubu ashirin a kowane zuwa Legas. Waɗannan biyun ana cire musu haraji, albashin kuma ana cire masa kuɗin fansho. Sai na uku, kuɗin kwana, dubu takwas a kowane daren da mutum ya yi a hanya. Shi ba a taɓa shi, domin ba riba ba ne, mayar wa direba ake yi da abin da ya kashe na abinci da ruwan wanka da makwanci a Mokwa ko Ilori. Ɗalha yakan je Legas sau biyu a wata, kwana goma ke nan a hanya. In an cire abin cirewa, an ɗora kuɗin kwana a kai, abin da ke shiga hannunsa dubu ɗari biyu da arba'in da ɗaya ne da 'yan kai.

Farkon shekarar da aka sauya dokar haraji, Cindo ya zo gidan Ɗalha da kansa bayan la'asar. Mairo, matar Ɗalha, ta aiko musu da fura. Cindo ya ce ya samo wa direbobi hanya. Za a rage albashi zuwa dubu casa'in, dubu sittin ɗin da aka cire kuma a mayar da ita cikin kuɗin kwana, ya tashi daga dubu takwas zuwa dubu goma sha huɗu. Kamfani bai ƙara ko kwabo ba, bai rage ba. Amma tunda kuɗin kwana ba a cire masa komai, abin da haraji da fansho ke ci zai sauko daga kusan dubu ashirin da tara zuwa dubu goma sha biyar da ɗari shida. Ya danna a wayarsa ya nuna masa: dubu ɗari biyu da hamsin da huɗu. Ƙarin dubu goma sha uku duk wata.

Ɗalha ya karɓi wayar ya sake lissafin da kansa, ya ga haka ne. Abu ɗaya ya tambaya.

"To, Alhaji, watan da babu lodi fa?"

Cindo ya yi dariya ya ce, "Malam Ɗalha, ni ke raba lodin nan. Muddin ina kan kujerar, motarka ba za ta kwana a yadin kamfani ba."

Sannan ya ce direbobi ba za su saurari mutumin ofis ba, amma in Ɗalha ya yi magana za su sa hannu.

Haka kuwa aka yi. An taru a inuwar dogon yaro da ke bakin sito, Ɗalha ya yi bayani. Wani direba mai suna Ɗantsoho, mutumin Gagarawa Tasha, ya ƙi. Ya ce shi bai san boko ba, amma albashi shi ne wanda ke zuwa ko kana kwance a asibiti, bai ga dalilin da zai ba da shi a karɓi wanda sai an kwana a titi ba. Ɗalha ya ja shi gefe ya ce shi ya san Cindo tun suna wanke mota a tasha, ya ɗauki alkawarin a wuyansa. Ɗantsoho ya dangwala yatsa yana gunaguni.

Wata huɗu abin ya tafi daidai. Mairo ta sayi tunkiya biyu da rarar, an sa wa ɗakin yara silin. Ɗantsoho ma ya daina gunaguni.

Da damina ta kusa, lodi ya fara ja da baya. Wannan ba sabon abu ba ne, duk shekara riɗi yakan yi ƙaranci kafin sabon ya shigo. Sabon abin shi ne, ɗan lodin da ake samu ba motocin kamfani ke ɗauka ba. Wasu tireloli ne na haya suke shigowa yadi da safe, a cika su, su fita, direbobin kamfani na zaune a kan benci suna kallo. Ɗalha ya tambayi Cindo, ya ce masa motocin kamfani na jiran gyara ne, ya ƙara haƙuri. Ɗalha ya san motarsa lafiyarta ƙalau, amma ya koma kan benci.

Ƙarshen wannan watan, saƙon banki ya shigo wayarsa yana zaune a ƙofar gida: dubu tamanin da 'yan kai. Babu tafiya, saboda haka babu ladan lodi, babu kuɗin kwana. A tsohon tsari, ko bai motsa ba, da ya karɓi dubu ɗari da ashirin da bakwai. Wata na biyu ma haka. Mairo ta sayar da tunkiya ɗaya aka biya kuɗin makarantar 'yarsu.

Ɗalha ya je ofis wajen Tayyiba, akantar da ke shirya albashi, wadda ya san mahaifinta a Gumel. Ta ba shi kujera, ta tura ƙofa. Ta ce ita tun farko ba ta yarda da tsarin ba, ta kuma faɗa wa manaja da Alhaji Cindo. Kuɗin kwanan da doka ta yafe wa haraji shi ne wanda ya yi daidai da abin da mutum ke kashewa a hanya. Abin da aka cusa a kai albashi ne da aka sauya wa suna, ranar da masu haraji na jiha suka zo bincike za su ce a biya. Ta ce kamfani ma ya ci riba, domin nasa kason na fansho da yake zuba wa kowane direba ya ragu. Sannan ta ce akwai abin da ya fi wannan. Tun kafin a kawo maganar kuɗin kwana an riga an yanke shawarar sayar da motocin kamfani a koma haya. Kuɗin sallama kuwa, bisa yarjejeniyar aikinsu, albashin wata ɗaya ne a kowace shekara da mutum ya yi, kuma da albashin ƙarshe ake lissafawa. Kuɗin kwana ba ya shiga.

Ɗalha ya tambaya ko Cindo ya san da haka.

"Baba, yana wurin aka yanke," in ji ta. "Kuma tirelolin hayar nan, biyu nasa ne."

Ɗalha bai tashi nan take ba. Ya lissafa a zuci: shekara goma sha shida a kan dubu ɗari da hamsin, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, a kan dubu casa'in, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da arba'in. Kusan miliyan guda ta tafi a kan ƙarin dubu goma sha uku na wata huɗu. Kuma ba shi kaɗai ba, da mutum goma da suka sa hannu saboda shi.

Ya sami Cindo a wajen sikeli ana auna lodi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji komai, abu ɗaya yake son sani, me ya sa da bakinsa aka yi amfani. Cindo ya ce lissafin da ya nuna masa babu ƙarya a ciki, kuma ko ya yi ko bai yi ba za a sayar da motocin. Ya ce ya riga ya tanadar masa wuri, zai ba shi ɗaya daga cikin motocinsa ya riƙa ja, da kuɗin kwana mai kyau.

Ɗalha ya ce, "Sauran goman fa?"

Cindo ya juya ya ce wa mai sikeli ya sake auna buhun can.

An sallame su kafin a fara yankan sabon riɗi. Sun je ofishin ƙwadago, aka duba aka ce kowa ya sa hannu da yardarsa, sai dai in za su je kotu. Babu wanda yake da kuɗin lauya. Ɗalha ya bi su gida gida, har Gagarawa Tasha, ya gaya wa kowa yadda abin ya faru da kuma rawar da ya taka. Wasu suka ce Allah ya isa tsakaninsu da Cindo. Ɗantsoho bai fito ba, ya aiko ɗansa ya ce yana barci.

Ɗalha bai karɓi motar Cindo ba. Ya haɗa kuɗin sallamar da na wata 'yar gona da ya gada a Sule Tankarkar ya sayar, ya sayi adaidaita sahu na hannu. Yanzu shi ke ɗaukar mata da buhunansu daga kasuwar Gumel zuwa unguwanni, yana tuƙi a hankali kamar mai jan tan talatin, matasan tasha suna yi masa dariya suna kuma kawo masa rikicinsu ya raba. Da aka ce za su naɗa shi shugaban reshen ƙungiyar masu adaidaita, ya ƙi. Ya ce zai ba da shawara in an tambaye shi, amma ba zai sake cewa kowa ya sa hannu a kan komai ba.

Da ƙaramar salla Cindo ya aiko da buhun shinkafa da turmin atamfa. Mairo ta tsaya a zaure tana jiran abin da Ɗalha zai ce. Ya sa aka ɗora kayan a adaidaitarsa, ya kai su Maigatari da kansa, ya ajiye a ƙofar gidan Cindo, ya ce wa maigadi ya gaishe da Alhaji. A hanyar dawowa ya sami fasinja uku zuwa Gumel.