Matar da Na Rufe da Katanga

Shekarun da na yi da shagon hoto a bakin tashar Ƙauran Namoda, rabin aikina share mutane ne daga hoto. Kowa a garin nan yana da wanda bai son gani a bayansa. Ni kuwa hannuna ya faɗa, kaina ya kumbura, har ina ganin da za a miƙo mini garin gaba ɗaya da na rage masa jama'a.

Wata Asabar wata dattijuwa ta zo daga Dauran da hoto a naɗe cikin leda. Mijinta ne, direban motar Shinkafi, ya rasu da damina, kuma hotonsa ke nan guda a duniya. Yana tsaye jikin motarsa ya turo hula gaba kamar shi ya ƙera ta.

"A ƙara mai girma, a ɗebe tarkace," in ji ta.

Tarkace kam akwai. Na ɗauki hoton a na'ura na sa a kwamfuta. Akuyar da ke gefen hagu tana cin kwali, na datse gefen gaba ɗaya, ta tafi da kwalinta. Allon tallar lemo da ke saman kansa na dusashe shi har rubutun ya daina karantuwa. Saura wata mata can baya a dama, ta juya rabin fuska, da kwano a hannu. Datsa ba ta yiwuwa, sai an haɗa da hancin motar. Sai na kwafo katangar da ke kusa da ita na shimfiɗa a kanta, na bi bakin da goga har ya saje.

Dattijuwar ta dawo bayan la'asar. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗan nan, ina wadda ke riƙe da kwano?"

"Wannan mai tsayuwar gulma? Ai Inna na raba Baba da ita. Mutum na hoto ta zo ta kafe kamar turke."

Ta gyara lulluɓinta, idonta a ƙasa.

"Ni ta."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ashe fura ta kawo masa ranar, mai hoto ya ce ta matso, kunya ta hana. Matar kirki a garinsu ba ta jerawa da miji a gaban mutane, ni kuma da na tashi a nan na fi kowa sanin haka.

Allah ya taimake ni ban haɗe aikin ba, katangar shimfiɗa ce kawai a sama. Na goge ta, kwano ya fito, sannan hannu, sannan ita. Don in wanke laifina na ce zan iya matso da ita dab da kafaɗarsa, ba mai ganewa.

"A'a, bar ni inda nike," ta ce. "Nan ɗin ma shi marigayin ya roƙa na tsaya."