Rijiyar da ba ta cikin rabona

A ƙarshen shekarun casa'in ina sakatariya a wani ofishin gyaran rijiyoyi a Tawa. Buƙatun mutane duk suna cikin na'ura, amma lambar sirrina buƙatun rijiyoyin gari kawai take buɗe mini. Na makiyaya kuwa rabon wani ma'aikaci ne daban.

Wata rana wani tsoho ya zo daga Takanamat. Ya ce tun rani suka nemi a gyara musu rijiyarsu da ta rufta. Na duba, ban ga kome ba.

Abokin aikina ya ce, "Ki ce masa babu, ya sake nema." Raina ya ɓaci. Sabuwar buƙata ai ƙarshen layi za ta koma.

Na ce, "Baba, ni dai ban gani ba, amma ba duka aka ba ni izinin gani ba. Ka jira ni."

Na tafi wurin shugabanmu, wanda lambarsa ke buɗe kome. Sai ga buƙatar a ɓangaren makiyaya, tana jiran amincewar ma'aikacin ɓangaren, wanda aka yi wa canjin wurin aiki tun kafin damina. Nan take shugaba ya maida ta hannun wani.

Na fito da murnata na gaya wa tsohon. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Ƴaƴana sun kora dabbobin sun yi kudu. Ni kaɗai na rage, kuma buta guda ta ishe ni."