Kunun Ayar Inna a Bango

Kunun aya muke yi, ni da Madam, ƙawata 'yar Sabon Gari wadda Hausarta ta fi tawa kaifi. Ni ke haɗawa a gidanmu na Fagge, ita ke kai wa shaguna. Na kowa kwana ɗaya yake yi ya yi tsami, namu kuwa sai ya yi mako a firji. Hanyar ta Inna ce, Allah ya jiƙanta, da ɗan abin da na ƙara wajen dafawa da sanyayawa. Ita ce duk jarinmu.

Da muka shiga wani shiri na haɗa ƙananan 'yan kasuwa da masu zuba jari, sai aka ce mu kawo abu biyu: rubutaccen tsarin kasuwanci, da shafuka kamar goma da za a haska a bango mu yi bayani cikin 'yan mintuna. Malamin da ke horar da mu, mai Turanci kamar famfo, ya ce a bango ana sa matsalar, da maganinta, da yawan masu saye, da cinikin da muka riga muka yi, da fuskokinmu, da abin da muke nema. Lissafi dalla-dalla da haɗarin rashin wuta su zauna a tsarin, wanda sai mai niyya ta gaske ake miƙa wa. Duk na yarda.

A shafin da ke nuna bambancinmu da saura muka saɓa. Ni na rubuta layi ɗaya, cewa namu na yin mako. Malam ya ce kowa ma zai faɗi haka, sai mun nuna matakan da hotuna. Na ce masa a bar hanyar a tsarin, tunda shafukan nan daga waya zuwa waya suke yawo. Ya yi murmushin da ake yi wa tsoho idan ya tsoraci liftar hawa bene.

Na zuba wa Madam ido. Ta ce, "Hajiya, manyan mutane ne fa. Me za su yi da kununmu?"

Aka sa matakan da hotunan. Ranar bayanin an tafa mana sosai, wani Alhaji ma ya roƙi a tura masa shafukan, aka tura. Tsarin da na kwana biyu ina rubutawa, ko mutum ɗaya bai nema ba. Jari kuma shiru.

Bayan azumi na shiga wani shago a kasuwar Singa sayen dabino, ƙishi ya kama ni. Mai shagon ya buɗe firji ya miƙo wata kwalba mai kyakkyawar takarda, ya ce sabon kamfani ne, nasu mako yake yi. Na kurɓa. Soyayyar aya ce, da kanumfari can a ƙarshe, daidai inda Inna ke ajiye shi.

Har yau ina jin haushi, kuma ban yafe ba. Madam ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma haka.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, kin taɓa shan irinsa?"

Na ce tun ina yarinya.