Madallar Alhaji Tambari

Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Misbahu malamin gona yake yi wa manoma bayanin takin zamani. In ya gama sai ya tambayi shugabansa, Alhaji Tambari, "Ranka ya daɗe, ya ka gani?" Amsar kullum, "Madalla." Shekara uku yana tara madalla, manoma na hamma.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, bayan wani taro a Kasuwar Daji, haushi ya ishe shi.

"Ranka ya daɗe, a ina suka daina saurarena? Wane abu guda zan gyara?"

"Inda ka ce kilo hamsin. Su da tiya suke awo. Ka ce tiya."

"Ashe ka sani tuntuni!"

"Malam Misbahu, da can gaishe ni kake yi, ni kuma ina amsawa."